Saƙon rimot zuwa ga Hajiya a Jidda

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Jiya da daddare ƙanwata ta kira ni daga Jidda. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya, kwana uku ke nan Hajiya ba ta kalli Harami ba." Tsohon talabijin ɗinsu ya mutu, ranar Alhamis suka sayo sabo, tun daga ranar Hajiya take zaune a falo da shi a kashe.

Wata na uku ke nan tana wajensu tana jinyar gwiwa, ba ta fita sai ranar ganin likita. Ƙanwata tana barin gida kafin ƙarfe bakwai, mijinta haka, yaron kuma yana makaranta. Daga safe zuwa la'asar ita kaɗai ce a gidan, abokiyar zamanta ita ce tashar Alƙur'ani ta Saudiyya, wadda take nuna Ka'aba kai tsaye dare da rana. Idan ta gaji da ganin ɗawafi sai ta koma tashar Sunna ta ga masallacin Madina. Da tsohon talabijin hannunta ya riga ya saba, ba ta ma duban rimot. Sabon nan ranar farko ta taɓa wani abu hoto ya ɗauke, ta ɗauka ta lalata wa surukinta kaya, shi ke nan ta janye hannu.

Ni ba ta faɗa mini ba, kuma ba za ta faɗa ba. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira, balle ta kawo mini ƙorafi. Jiyan ma da muka yi waya "lafiya lau" kawai na samu.

Ƙanwata ta nuna mata sau biyu, amma irin nunin mai sauri ne: ta karɓi rimot, ta danna nan ta danna can, hoto ya dawo, ta miƙa mata. Na ce ta bar mini. Zan shirya saƙon da Hajiya za ta ajiye a waya, ta saurara duk lokacin da ta so ba tare da ta tambayi kowa ba. Na roƙi ƙanwata ta turo mini hotunan rimot da na bayan talabijin.

Laraba, 8 ga Janairu

Hotuna sun iso, kuma na ga bakin zaren. Ashe rimot biyu ne. Akwai baƙi siriri na sabon talabijin, akwai ruwan toka mai kauri na risiba, wato ƙaramin akwatin da wayar dish take shiga, shi kuma ya miƙa hoto ga talabijin ta ramin da aka rubuta wa HDMI 1. Tashoshin duk suna cikin risiba. Shi talabijin allo ne kawai da lasifika, abin da risiba ya ba shi yake nunawa.

To amma dukkan rimot ɗin biyu suna da VOL, suna da CH, kuma a kusan wuri ɗaya. Abin da ya faru ranar Alhamis shi ne Hajiya ta danna CH a baƙin rimot. Talabijin ya ɗauka tashoshin kansa ake nema, na eriya, sai ya saki HDMI 1 ya koma can. Gidan kuwa babu eriya, sai allo ya yi baƙi da rubutun No Signal. Babu abin da ya lalace. Talabijin ne ya juya wa risiba baya, risiba yana nan yana aikinsa. Na tambayi ƙanwata yadda aka yi hakan bai taɓa faruwa da tsohon ba, ta ce rimot ɗinsa ya ɓata tun bara, da hannu suke kunna shi. Ke nan duk watannin nan rimot ɗaya Hajiya ta sani.

Da daddare na zauna na rubuta saƙo na farko. Ya kai shafi ɗaya da rabi, har da bayanin dish da HDMI. Na karanta wa maiɗakina, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "To a nan me za ta danna?" Gaskiyarta. Bayanin dalili na rubuta, alhali Hajiya abin da yatsanta zai yi take nema. Na ajiye shi gefe.

Ga kuma wani abu da ya kamata in fara da shi: Hajiya ba ta karanta boko. Alƙur'ani take karantawa da ajami, lambobi kuma ta san su ta kuɗi da ta waya. Saƙon murya zai zama ta WhatsApp, da takarda ɗaya a kusa da kujerarta.

Juma'a, 10 ga Janairu

Juma'a da Asabar ne hutu a can, saboda haka na kama mijin ƙanwata bayan sun sauko daga masallaci. Suna gabanmu da awa biyu, ni lokacin ina shirin tafiya nawa masallacin. Muka yi kiran bidiyo na kusan minti arba'in, yana riƙe da waya yana nuna mini allo. Shawarata ita ce kafin a koya wa Hajiya komai, a fara rage abin da za a koya mata.

Mun fara da jerin tashoshi. Risiban yana ɗauke da ɗaruruwansu, tashar Makka tana can lamba mai harafi uku. Wannan ba zai yiwu ba, domin idan ka danna lamba ɗaya risiba yana jira daƙiƙa biyu ko uku ne kawai, in bai ga ta biyu ba sai ya tafi tashar da ka danna. Mai neman 125 da yake duba maɓalli a hankali, zai tsinci kansa a tasha ta 1, sannan ta 2, sannan ta 5. Sai muka shiga wajen gyara tashoshi muka ɗauko huɗu muka kawo su sama: Makka 1, Madina 2, tashar girke-girke da take son kallo ko da ba ta jin abin da suke faɗa 3, tashar yara ta jikanta 4.

Maganar sauti ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce na fi so a fahimta. Sautin yana bi ta ƙofa biyu ne. Risiba yana da nasa ma'auni, talabijin yana da nasa daga 0 zuwa 100. Kamar ruwa ne mai bi ta famfo biyu a jere: idan na farko a rufe yake, ko ka buɗe na biyu har ƙarshe ba ka ganin ɗigo. Da muka duba sai muka tarar na risiba ya kusa ƙasa, na talabijin kuma yana 74, wani ya yi ta ƙarawa don bai ji komai ba. Haɗarin shi ne ranar da aka ɗaga na risiba, ƙarar za ta fashe a ɗaki lokaci guda, ta firgita tsohuwa. Muka kai na risiba ƙarshe, muka yi ta ɗaga na talabijin daga ƙasa har Hajiya daga kujerarta ta ce ya isa. Ya tsaya a 32. Nan muka bar shi, ba mai sake taɓawa. Sannan muka mayar da na risiba wajen rabi da 'yan kai. Yanzu ko ta danne ƙari har ƙarshe, ba zai wuce abin da kunnenta ya yarda da shi ba.

Masu gyara sukan ce a bar na risiba a sama a riƙa juya na talabijin, sautin ya fi fita tas. Na san da haka. Amma yin hakan yana nufin rimot biyu a hannun Hajiya, ni kuma ban ga ribar ba.

Mun nemi HDMI-CEC, abin da yake sa rimot ɗaya ya kunna na'urorin biyu tare. Talabijin yana da shi, risiban ba shi da shi. Don haka muka tsaya a kan cewa risiba zai zauna a kunne kullum, baƙin rimot kuma aikinsa ɗaya: kunnawa da kashewa. Ƙanwata ta yanko kwali ta rufe fuskarsa da salatif, ta bar jan maɓallin sama kaɗai a waje, da SOURCE a ƙarƙashin wani ɗan marfi da ake ɗagawa. Abu na ƙarshe, talabijin ɗin idan an kunna shi wani shafi yake buɗewa mai cike da hotunan finafinai da manhajoji. Mijin ƙanwata ya nemo saitin da yake sa ya faro daga inda aka kashe shi, ya gyara.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau na roƙi Hajiya ta riƙe rimot mai ruwan toka muna kiran bidiyo, ban ce ta danna komai ba, na ce dai ta faɗa mini abin da take gani. Gani ya kori ji.

Na farko, a juye ta ɗauke shi, kai yana kallon ƙirjinta. Sama da ƙasan rimot ɗin kusan iri ɗaya ne a hannu, idonta kuma tun aikin yanar ido ba ya ɗaukar ƙananan rubutu. Ƙanwata ta ɗaura jar roba irin ta ɗaure kuɗi a wuyansa, ƙasa kaɗan da kai, don kada ta rufe ɗan ƙwan da yake aika saƙo.

Na biyu ya faranta mini rai. Na ce me ta gani a dogon maɓallin dama. Ta kawo shi kusa da ido ta ce, "Ga takwas a sama, ga bakwai a ƙasa." Na yi jim kafin na gane. Alamar CH ta sama tsini ce mai kallon sama, sak ٨ na lambar shafi a Alƙur'ani, ta ƙasa kuma sak ٧. Ni shekara nawa ina riƙe rimot ban taɓa ganinsu haka ba. Na hagu kuwa, mai + da −, ta ce "mai gicciye da mai kwance." Na rubuta kalmominta yadda ta faɗe su. Da su zan yi saƙon, ba da VOL da CH ba.

Amma akwai tarko a ciki. Jikanta yana gefe, da ya ji "takwas" sai ya miƙa hannu ya danna 8 na cikin lambobi, muka faɗa wata tashar talla. Don haka a saƙo ba zan ce takwas kawai ba, zan ce "takwas ɗin Alƙur'ani da ke hannun dama."

Na kuma lura da yadda take dannawa. Tana danne maɓalli ta riƙe, kamar mai tura ƙofa. Rimot kuwa in an riƙe maɓalli maimaita saƙon yake yi, sai tashoshi su yi ta gudu, kafin ta ɗaga yatsa an wuce goma. Ga shi kuma idan an canja tasha allo yakan yi duhu na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin hoto ya zo, ita kuma sai ta ɗauka bai ji ba ta ƙara dannawa. Dole saƙon ya ba ta abin da za ta cike wannan ɗan jiran da shi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na naɗi saƙon bayan sallar asuba, kafin unguwa ta tashi da ƙarar babura. Sau huɗu ina sakewa. Na farko na yi sauri. Na biyu da na saurara sai na ji muryata ta koma ta malamin aji, ba a yi wa uwa magana haka. Na raba shi uku don kada ta yi ta neman tsakiyar dogon saƙo, kowanne bai kai minti ɗaya da rabi ba. Ga abin da na faɗa.

Na farko, na kunnawa da tasha:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da asuba, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Maganar talabijin ce. Kafin komai, babu maɓallin da za ki danna ya lalace, ko ɗaya babu. Ki ɗauki baƙin rimot mai kwali, ki danna jan nan sau ɗaya, ki ajiye shi a kan tebur, ya gama aikinsa. Sai ki ɗauki mai jar roba. Robar ta kalli ƙaramin akwatin da ke ƙasan talabijin, wanda yake da 'yar koriyar wuta. In Makka kike so, ki danna ɗaya. In Madina, biyu. Dannawa ɗaya ki ɗaga yatsa, kamar jan ƙwayar carbi. Zai yi duhu kaɗan, ki yi salati ɗaya, kafin ki gama hoto ya zo. In kuma kina so ki matsa gaba, takwas ɗin Alƙur'ani da ke hannun dama. Komawa baya, bakwai ɗin da ke ƙasansa."

Na biyu, na murya:

"Hajiya, ƙarin murya yana hannun hagu. Mai gicciye ƙari, mai kwance ragi. Shi ma ɗaya-ɗaya, ki danna ki saurara. Za ki ga wani layi ya fito a ƙasan hoto yana tsawo ko yana gajarta, alamar ya ji ki ke nan. In liman yana karatu kina ganin hoto amma shiru gaba ɗaya, ki duba kusurwa, za ki ga hoton lasifika an ja masa layi. An taɓa maɓallin shiru ne. Ki danna mai gicciye sau ɗaya, murya za ta dawo."

Wannan na ƙarshe sai da na sa mijin ƙanwata ya gwada, domin ba na so in koya mata MUTE a matsayin maɓalli na daban. A risibansu danna + yana cire shirun. Maɓalli ɗaya ya ragu.

Na uku shi ne na ɓata hanya, kuma a ganina ya fi sauran biyun amfani, don tsoron ɓata ne ya hana ta taɓa rimot tun farko:

"In kin ga wani rubutu ya rufe hoto, ki danna na ƙasa can a dama da aka ɗiga wa jan farce, sau biyu. In kin samu kanki a tashar da ba ki sani ba, ki danna ɗaya, za ki dawo Makka. In allo ya yi baƙi da rubutun turanci yana yawo, ki bar shi, ki kira ni, ko ƙarfe nawa ne. Ba damuwa ba ce, aikin minti ɗaya ne."

Mai jan farcen EXIT ne. Ƙanwata ta rubuta takarda da babban alƙalami, da ajami: Makka da ١, Madina da ٢, kowace da lambar boko a gefenta kamar yadda take a rimot. Ta liƙa ta a hannun kujera.

Talata, 14 ga Janairu

Jiya lafiya lau. Ƙanwata ta dawo aiki ta tarar da ita a tashar Madina, ita ta kai kanta.

Yau kuma da hantsi rimot ya ƙi. Hajiya ba ta kira ni ba, sai da yamma na ji. Na fara zargin batir, na sa ƙanwata ta yi gwajin kyamara: ka buɗe kyamarar waya, ka saita kan rimot gare ta, ka danna maɓalli. Hasken da rimot yake aikawa ido ba ya ganinsa, amma kyamara tana nuna shi yana ƙiftawa, fari-fari mai ɗan shuɗi. Wasu wayoyin kyamarar baya ba ta kama shi, sai a gwada ta gaba. Ya ƙifta sosai, ke nan batir da rimot lafiyarsu ƙalau.

Na ce ta zauna a kujerar Hajiya ta ɗauko mini hoton abin da ke gabanta. Ga filas ɗin shayi da kwanon dabino a kan ƙaramin tebur, daidai gaban risiba, wanda yake a kanta ta ƙasa. Wannan hasken ba ya ratsa abu, sai ya ga idon risiba. Da safe ne ake ajiye mata filas a nan, amma jiya da aka ajiye shi a gefe bai hana ba. Aka ɗaga risiba zuwa kanta ta sama, kusa da ƙasan talabijin. Hakan ya ƙara sauƙi ta wani wajen, domin dama hannunta talabijin yake nufa, yanzu duk wanda ta nufa ta samu ɗayan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin kiran. Na ce "ki kira ni" a saƙo, amma ban yi la'akari da cewa ba za ta ɗaga waya ta kira ɗan fari a kan talabijin ba. Na sake naɗar ƙarshen saƙo na uku, na ce ta kira autarmu da ke Zariya, wadda suke hira kullum. Na zauna da autar a waya na koya mata gyaran No Signal: a ɗaga marfin kwali a baƙin rimot, a danna SOURCE, jeri zai fito, a matsa zuwa HDMI 1, a danna OK. Sai dai maɓallan matsawa da OK suna ƙarƙashin kwali. Ƙanwata ta gwada ta ga a wannan talabijin maimaita danna SOURCE yana matsawa da kansa, in an dakata ya shiga wanda aka tsaya a kai. Don haka umarnin ya koma: ki danna, ki jira, in ba ki ga Makka ba ki sake.

Litinin, 20 ga Janairu

Na kira ta ana la'asar a nan Kano, can magariba ta gabato. Muna gaisawa ina jiyo kiran sallar Harami a bayanta da ƙarfi. Ta ce, "Tsaya in rage." Na ji sautin yana sauka, mataki ɗaya, biyu, uku, sannan ta ci gaba da tambayar yara da sanyin hunturu. Ba ta ce komai a kan saƙon ba, ni ma ban tayar ba. Autarmu ce ta gaya mini cewa na biyun, na murya, ta saurare shi sau da yawa, na farkon kuwa tun ranar Laraba ba ta koma kansa ba.

Allo ya yi baƙi sau ɗaya, ranar Asabar. Jikanta ya haɗa na'urar wasansa a HDMI 2, ya gama ya zare ya tafi. Ta kira auta, suka gyara a danni na biyu. An kafa wa yaron doka: in ya gama wasa, ba zai tashi ba sai ya ga Ka'aba a allo.

Saura abu biyu. Na sa a sayo batir AAA guda huɗu a ajiye a aljihun tebur, ƙanwata kuma ta canja na rimot mai roba tun kafin ya fara rauni, domin raunin batir yana farawa ne da jin dannawa wani lokaci da ƙin ji wani lokaci, irin abin da zai sa Hajiya ta koma zargin hannunta. Na biyu, risiba yakan sake jera tashoshi in aka yi sabon bincike, Makka ta bar lamba 1. Na gaya wa mijin ƙanwata kada a yi binciken sai ranar Juma'a da yake gida, ya mayar da huɗun nan wurinsu kafin ya miƙa mata rimot.